Ɗinkin Haihuwa: Yadda Mai Jego Za Ta Gane Zafin Warkewa da Zafin Ciwon da Ya Yi Ruwa

Duk macen da aka yi wa ɗinki bayan haihuwa tana jin zafi, wurin kuma yana kumbura, ko ƙari aka yi mata ko ita ce ta ƙaru da kanta wajen fitowar kan yaro. Saboda haka idan aka tambayi mai jego ko wurin yana mata ciwo ta ce e, ba a gano komai ba tukuna. Tambayar da take raba gardama ita ce, tsakanin jiya da yau wanne ya fi? Ɗinkin da yake warkewa zafinsa raguwa yake yi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda ƙwayoyin cuta suka shiga kuwa yakan fara sauƙi, sai a kwana na uku zuwa na bakwai ya juya ya koma baya. Wannan juyawar ce nake so ki iya ganewa da wuri, domin ita ce matan gida suka fi ɗauka da "ai haka jego yake, ki daure".

Kafin ki baro asibiti, ki san irin ɗinkin da ke jikinki

Wurin da muke magana a kai shi ne ɗan tsakanin nan da ke raba bakin gaba da dubura. Ƙarƙashin fatarsa akwai tsoka, can ƙasa kuma akwai wata tsoka mai zagaye da take riƙe bayan gida da tusa. Ma'aikatan lafiya sun kasa yagewar wurin mataki huɗu. A mataki na ɗaya fata ce kawai ta tsage, wani lokaci ma ba a ɗinkewa. A na biyu tsagewar ta shiga tsoka, kuma ƙarin da ungozoma ko likita ke yi da almakashi yawanci a nan yake tsayawa. A na uku ta taɓa tsokar da ke riƙe dubura, a na huɗu kuwa ta ratsa har cikin duburar kanta.

Ki tambaya, ko wadda ta raka ki ta tambayar miki: mataki na nawa ne? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Mai mataki na ɗaya ko na biyu ba lallai a ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, tsabta da maganin zafi sukan wadatar. Mai mataki na uku ko na huɗu kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba ta antibayotik tun daga farko, ana kuma haɗa mata da maganin tausasa bayan gida, sannan a sa mata ranar dawowa ta musamman. Idan naki na uku ne ko na huɗu aka sallame ki ba tare da waɗannan ba, ki yi magana.

Ki kuma tambayi ko an bar miki auduga a ciki. Wajen ɗinki akan cusa bandeji a cikin gaba don ya tare jini a ga wurin da kyau, kuma ya kamata a cire shi da an gama. Yakan faru a manta, bayan 'yan kwanaki sai mace ta fara wani wari mai tsanani alhali ɗinkin nata lafiya lau yake a ido.

Zaren da ake amfani da shi mai narkewa ne, ba a komawa cirewa. Wani irin yakan fara saki cikin kwana 7 zuwa 10, wani kuma yakan kai mako shida ko fiye kafin ya ɓace gaba ɗaya. Don haka ganin guntun zare a jikin audugar mata a mako na biyu ba ya nufin ɗinki ya warware.

Yadda lafiyayyen ɗinki yake tafiya

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mafi wuya. Allurar kashe zafin da aka yi miki ta sake ki cikin 'yan sa'o'i, wurin ya kumbura, ya yi nauyi, zama ya gagara sai a karkace. Fitsari yana raɗaɗi idan ya taɓa wurin. Fatar kan yi duhu a kusa da ɗinkin saboda ɗan jinin da ya kwanta. Duk wannan aikin jiki ne, ba cuta ba ce. Abin lura shi ne maganin zafi yana kwantar da shi, kuma idan kin kwanta a gefe kina samun sauƙi har ki yi barci.

Daga kwana na uku ko na huɗu kumburin yakan fara saɓewa. Zafin yana sauya kama, daga zugi ya koma jin kamar ana jan fatar, musamman idan kin miƙe ko kin zauna. Zuwa ƙarshen makon farko mafi yawan mata suna iya zama a kan abu mai laushi su shayar, suna kuma manta shan magani saboda ba su buƙace shi ba. A mako na biyu ƙaiƙayi kan zo, wanda alama ce ta fata tana haɗewa, muddin babu ruwa mai wari tare da shi. Fatar sama takan haɗe cikin mako biyu zuwa uku, tsokar ciki kuwa sai wajen mako huɗu zuwa shida, wato dai daf da arba'in. Mai yagewa mai zurfi ta fi haka jimawa.

A nan sai an bambance ruwan ɗinki da jinin biƙi, domin a wuri ɗaya suke haɗuwa a kan auduga. Jinin biƙi daga mahaifa yake fitowa. Ja ne a kwana uku zuwa huɗu na farko, sai ya dusashe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa zuwa wajen kwana goma, daga nan ya zama fari-fari ko rawaya-rawaya har mako huɗu zuwa shida. Yana da ƙarni irin na jinin al'ada, amma ba ya ɗoyi. Mata da yawa suna tsorata da wannan farin ruwa na ƙarshe su zaci mugunya ce. Bambancin shi ne mugunya tana da kauri, daga jikin layin ɗinkin take tsattsafowa, tana wari, kuma ba ta zuwa sai da ƙarin zafi.

Dubawar minti biyu, sau ɗaya kullum

Ki zaɓi lokaci guda, misali bayan wankan safe. Ki wanke hannu da sabulu, ki kishingiɗa inda akwai haske, ki ɗauki ƙaramin madubi. Idan ba za ki iya ba, mahaifiyarki ko yayarki ko wadda ke miki zaman jego ta duba miki. Na san akwai kunya, musamman ga mai haihuwar fari da ke gaban surukai, amma wanda bai ga wurin jiya ba ba zai san ya sauya yau ba.

Abu na farko, zafi. Ki ba shi lamba daga ɗaya zuwa goma kafin ki sha magani, ki riƙe ta a ka ko ki rubuta a waya. Bakwai, shida, biyar, huɗu, wannan tafiya ce mai kyau. Biyar, huɗu, sai kuma bakwai, wannan ita ce juyawar. Rana guda da zafi ya ɗan ƙaru saboda kin wuni a zaune ranar suna kina gaisawa da baƙi ba abin tashin hankali ba ne, in dai ya sauka bayan kin kwana kin huta. Wanda bai sauka ba shi ne abin dubawa.

Na biyu, kumburi da launi. A baƙar fata ba kullum ake ganin ja ba, don haka kada ki jira sai kin ga wurin ya yi jawur. Ki duba ko fatar ta yi sheƙi ta ɗaure, ko ta fi ta ɗaya gefen duhu, ko kumburin yana faɗaɗa zuwa ɗuwawu ko leɓen gaba maimakon ya ja baya. Ki taɓa gefen da bayan yatsa mai tsabta, ki kwatanta ɗuminsa da na cinya.

Na uku, bakin ciwon. Gefe biyun su kasance a haɗe. Wani lokaci za ki ga ɗan siririn abu fari-fari manne a kan layin, wanda ba ya gudana kuma ba ya wari, wannan yakan kasance cikin aikin warkewa. Rami da ya buɗe har kina hango jan nama a ciki, ko zare yana reto alhali gefe biyun sun rabu, wannan buɗewa ce.

Na huɗu, wari. Ki shinshina audugar da kika cire. Hancinki ba zai ruɗe ki ba a nan.

Na biyar, zafin jiki. Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada a kemis, kuma ya cancanci shiga cikin kayan haihuwa. Digiri 38 ko sama da haka a jikin mai jego zazzaɓi ne da ake kai wa asibiti, ba wanda ake jira ya sauka ba.

Kulawar da take hana shi yin ruwa

Wurin yana maƙwabtaka da dubura, kullum kuma cikin laima yake, shi ya sa tsabtarsa take da ƙa'ida. Ki wanke hannu kafin ki taɓa wurin, ba bayan kin taɓa kawai ba. Wannan ya fi muhimmanci idan akwai mai ciwon maƙogwaro ko ƙuraje masu ruwa a gidan, domin ƙwayar cutar da ke kawo su tana iya bin hannu ta shiga ɗinki, kuma tana cikin mafi haɗari ga mai jego. Wajen tsarki ki zuba ruwa da buta daga gaba ya gangara baya, hannun da ya taɓa dubura kada ya dawo kan ɗinki. Idan fitsari yana miki raɗaɗi, ki riƙa zuba ruwan ɗumi a wurin daidai lokacin da kike yi, zai rage ƙarfinsa. Bayan nan ki dangwala da tsumma mai tsabta ko tawul ɗin da ke naki ke kaɗai har ya bushe, kada ki goga. Audugar mata a canza ta duk bayan kamar awa huɗu ko da ba ta cika ba. Mai amfani da ƙunzugu ta wanke shi da sabulu, ta shanya a rana, ba a lungun ɗaki ba. Wando ya zama na auduga mara matsewa, kuma ki samu lokaci ki kwanta a kan zane ba wando, iska ta sha wurin.

Don kumburin kwanakin farko, sanyi ya fi zafi amfani. Ki naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a cikin tsumma mai tsabta, ki ɗora minti 10 zuwa 20, ki cire, ki bari a ƙalla awa ɗaya ko biyu kafin ki maimaita. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Na san wannan ya saɓa wa abin da iyayenmu suka sani, cewa sanyi shi ne abokin gabar mai jego, amma sanyin da aka ɗora a wuri ɗaya na 'yan mintoci ba ya shiga jiki ya zauna. Yana matse ƙananan hanyoyin jini ne, kumburi ya ragu.

Maganin zafi kuwa, farasitamol giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Idan bai isa ba ana haɗawa da ibufurofen miligiram 400 duk bayan awa takwas, bayan an ci abinci. Dukansu ba sa hana shayarwa. Amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, wadda jininta ya hau sosai lokacin ciki ko ta zubar da jini da yawa, da mai asma da irin waɗannan magunguna ke tayar mata, kada ta sha ibufurofen sai likita ya amince. Kodin da tiramadol ki guje su, suna bin nono su sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana, ke kuma su ɗaure miki ciki. Sannan a kwana biyun farko gara ki sha maganin a kan lokaci, maimakon ki jira sai zafi ya kai ki bango.

Bayan gida na farko shi ne abin da mata suka fi tsoro, har wasu su ƙi cin abinci don kada ya zo. Wannan dabarar ita ke jawo abin da ake gudu, domin yana daɗewa yana ƙara tauri. Ɗinki ba ya ɓallewa saboda bayan gida mai laushi. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganye kamar zogale da alayyafo, da miyar kuɓewa, da gwanda da lemo. Lokacin yi, ki naɗe auduga mai tsabta ki tallafe wurin ɗinkin da ita, ki saki jiki, kada ki yi nishi da ƙarfi. Idan kwana uku suka wuce shiru, ki nemi a rubuta miki laktulos, maganin tausasa bayan gida.

Sai maganar shiga ruwa, wadda a kanta ne aka fi samun saɓani tsakanin asibiti da gida. Zama a cikin ruwan ɗumi yana da daɗi, yana sassauta tsoka, kuma ba laifi a fara shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Roba ta zama taki ke kaɗai, a wanke ta kafin da bayan amfani. Ɗumin ruwan ya zama wanda za ki iya yi wa jaririnki wanka da shi, ki gwada da gwiwar hannu. Minti 10 zuwa 15 ya isa, sau biyu ko uku a rana, sannan ki busar da wurin. Gishiri ba dole ba ne, ruwa zalla yana yin aikin, idan ma za a sa to ɗan kaɗan. Abin da ke ɓata ɗinki shi ne ruwa mai ƙuna da ake danna mace a ciki ana cewa sai ya gasu zai haɗe. Naman da ke bakin ɗinki sabo ne, ruwan zafi yana ƙona shi, mataccen nama kuma ba ya haɗewa, shi ne ma abincin ƙwayoyin cuta. Haka fyaɗa ganyen darbejiya ko runhu da tafasasshen ruwa wajen wankan jego, a bar shi nesa da wurin. Detol da sifirit da alif da man zafi da garin magani da ake barbaɗawa, da duk wani abin matsi da ake cusawa, babu wanda ya dace da ɗanyen ciwo. Bagaruwa tana sa nama ya tsuke, shi ya sa ake jin kamar wuri ya haɗe, amma tsukewa daban, warkewa daban, kuma ba ta fitar da mugunyar da ta taru a ciki. Iyayen da ke yin waɗannan abubuwa ƙauna ce ta sa su, don haka a gaya musu cikin ladabi: "Inna, nas ta ce saboda zaren, ruwan kada ya wuce ɗumi."

Misali: daga ranar haihuwa zuwa kwana na shida

Mu ɗauki mai haihuwar fari da aka yi wa ƙari ranar Litinin da dare, aka sallame ta Talata. Talata da Laraba zafinta bakwai ne, sai shida, tana shan farasitamol da ibufurofen, tana samun barci. Alhamis ya sauka biyar, kumburi ya fara saɓewa, ta yi bayan gida. Har nan komai daidai yake, babu abin da za a je yi asibiti sai ziyarar da aka saba.

Juma'a da yamma ta ji wurin yana bugawa, irin zugin da ke tafiya tare da bugun zuciya. Ta sha magani, ya ɗan lafa awa biyu ya dawo. A wannan daren ana iya cewa ko gajiya ce, ko ta daɗe a zaune. Abin da ya dace ta yi shi ne ta duba da madubi, ta auna zafin jiki, ta kwanta a gefe, ta sake dubawa da asuba.

Asabar da safe zafin ya koma takwas. Gefen dama na ɗinkin ya ɗaure yana sheƙi, ya fi hagu ɗumi, a ƙasan layin akwai ɗigon ruwa mai kauri rawaya, audugar tana ɗoyi. Ma'auni ya nuna 37.8. A gida za a samu mai cewa a bari a yi suna ranar Litinin tukuna, wata ta ce a ƙara wa ruwan zama zafi, wani kuma ya je kemis ya sayo jan kafso. Duk ukun kuskure ne. Zafin jikinta bai kai 38 ba, amma ba a buƙatar zazzaɓi kafin a ce ɗinki ya yi ruwa: zafi mai komawa baya, kumburi mai ƙaruwa da ruwa mai wari sun isa. Ranar Asabar ɗin za ta je asibiti, ba Litinin ba. Idan ta je a wannan mataki, galibi magani na sha na kwana biyar zuwa bakwai ne da wanke ciwo, kuma cikin kwana biyu za ta ji bambanci. Idan ta jira, mugunya za ta ci naman da zaren ya riƙe, ɗinkin ya buɗe, abin da zai warke a mako uku ya koma wata biyu.

Da a ce wannan matar ranar Asabar zafinta huɗu ne, sai dai ta ga guntun zare da ɗan ƙaiƙayi da ruwa ƙasa-ƙasa mai ƙarni kawai, da sai mu ce ta ci gaba da abin da take yi.

Akwai waɗanda ya kamata su fi kowa sa ido, domin ciwonsu ya fi saurin lalacewa: mai ciwon suga, mai ƙarancin jini, wadda ta daɗe tana naƙuda bayan faya ta fashe, wadda aka jawo wa yaro da na'ura, da wadda ta haihu a gida ta ƙaru aka daɗe ba a ɗinke ba. Ita ta ƙarshen a tabbatar kuma ta samu allurar rigakafin tetanus idan ba ta cika ta lokacin awo ba.

Abin da ba a jira gari ya waye

Akwai ciwon da ba na ƙwayoyin cuta ba ne amma ya fi gaggawa, kuma a ranar farko yake zuwa. Wata jijiyar jini takan ci gaba da zuba a ƙarƙashin ɗinki, jinin ya taru a ciki bai fito waje ba. Matar za ta ji azabar da ta wuce misali cikin 'yan sa'o'i bayan haihuwa, wadda magani ba ya taɓawa, da jin kamar bayan gida ya matse ta sosai alhali babu komai. Gefe ɗaya yakan kumbura ya yi tauri kamar an cusa lemo a ƙarƙashin fata, ya yi duhu, fitsari ya ƙi fita. Idan jinin da ya taru yana da yawa sai jiri da bugun zuciya da gumi mai sanyi. Wannan sai an buɗe an kwashe jinin an ɗaure jijiyar. Mace da ke kukan zafi haka a daren haihuwa ba raki take yi ba, a kira nas ta duba wurin da ido.

Fitsari shi kansa ma'auni ne. Idan awa shida suka wuce bayan haihuwa ba ki yi ba, ko kina yi ɗis-ɗis mara tana cike, ki faɗa.

Haka kuma a tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan mai jego tana rawar sanyi da karkarwa, ko numfashinta ya yi sauri, ko zuciyarta tana bugawa da sauri tana kwance, ko ta fara sambatu ko barcin da ba a gane kansa ba. Waɗannan alamu ne cewa cutar ta shiga jini, kuma tana iya kashe mace mai ƙarfi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci jikin ma ba ya zafi, sanyi yake yi. Haka idan fatar wurin ta fara baƙi ko ta yi bororo, ko zafin ya fi abin da ido ke gani nesa ba kusa ba. Haka idan jini ya dawo yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ko guda-guda manya suna faɗowa.

Zazzaɓin mai jego a wurinmu da an ji shi sai a ce maleriya ce ko ruwan nono ne ke saukowa. Maleriya tana yiwuwa, kuma gwajinta ba ya ɗaukar lokaci, amma ko gwajin ya nuna akwai ta, a duba ɗinki da mara da nono, domin ana iya haɗa biyu. Ciwon mara idan an danna tare da jinin biƙi mai ɗoyi yana nuna mahaifa ce ta kamu, ko da ɗinkin yana da kyau. Kuma farasitamol yana ɓoye zazzaɓi, don haka ki auna kafin ki sha, ba bayan kin sha ba.

Abin da za a yi miki a asibiti

Ki faɗa musu ranar da kika haihu, irin ɗinkin, ranar da zafin ya juya, da duk abin da kika sha ko kika shafa ko kika zauna a ciki, har na gargajiya. Ba don a yi miki faɗa ba ne, don a san abin da ake magani ne. Za a auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini, a duba wurin, a danna mara. Inda akwai ɗakin gwaji akan dangwali ruwan ciwon a gano irin ƙwayar, a kuma duba yawan jini. Idan mugunya ta taru akan cire zare ɗaya ko biyu don ta samu hanya, kuma sau da yawa a nan take mace ke jin sauƙi. Antibayotik da aka fi bayarwa sun haɗa da ko-amoksikilab, ko sefaleksin tare da metironidazol wanda aka fi sani da filajil, kuma ana shayarwa da su. Likita ne zai zaɓa, ya kuma san ko kina da maganin da jikinki ba ya so. Ki shanye duka ko kin ji sauƙi, idan kuma bayan awa 48 babu canji ki koma.

Idan ɗinkin ya buɗe, kada ki yi mamaki in ba a sake ɗinkewa a ranar ba. Ba a rufe ciwo da cuta a cikinsa. Ƙaramar buɗewa akan bar ta ta cike da kanta daga ƙasa zuwa sama, ana wankewa ana dubawa, ta ɗauki makonni amma ta haɗe. Babba kuwa, sai ta yi tsabta ta fito da jan nama mai kyau, sannan a sake ɗinkewa a ɗakin tiyata.

Ko babu matsala, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24 na farko, tsakanin awa 48 zuwa 72, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida. Ziyara ta biyu da ta uku su ne suka faɗo daidai lokacin da ɗinki ke lalacewa, su ne kuma aka fi tsallakewa saboda mai jego ba ta fita. Idan an kai jariri rigakafi ko awo, ki ce a duba ki ke ma.

A ziyarar mako shida akwai abubuwan da sai kin buɗe baki za a sani. Idan tusa ko bayan gida suna kufce miki, ko kina jin iska ko kashi yana fitowa ta gaba, wannan yana nuna tsokar dubura ba ta haɗe ba ko ƙofa ta buɗe tsakanin hanyoyin biyu, kuma ana gyarawa. Cibiyoyin masu yoyon fitsari, kamar ta Babbar Ruga a Katsina, suna yin wannan aikin. Idan akwai ɗan jan nama da ya tsiro a kan tabon yana jini in an taɓa, likita yana ƙone shi da magani cikin 'yan mintoci. Komawa shimfiɗar miji kuma ba cikar arba'in kaɗai ke yanke ta ba, sai jini ya ɗauke, ciwo ya haɗe, kuma kin danna tabon da yatsa ba ki ji zafi ba. Shayarwa tana sa gaba ta bushe, don haka man da ake sayarwa a kemis don wannan yana taimakawa a farkon komawa. Idan har bayan wata uku saduwa tana miki zafi a daidai tabon, ki koma wurin likitan mata ya duba ko ɗinkin ya matse bakin da yawa ko tabon ya yi tauri, domin kowannensu yana da magani.